Darasi: Clear cache da Clear data, wanne za ka taɓa?

A wayar Android, idan ka shiga Settings, ka taɓa Apps, ka zaɓi manhaja, sannan ka shiga Storage, za ka tarar da maɓallai biyu kusa da juna: Clear cache da Clear data. Wasu wayoyin suna rubuta na biyun Clear storage. Sunansu ya yi kama, amma aikinsu ya sha bamban.

Ka ɗauki shagon tela. Akwai ƙyallayen da ke zubewa ƙasa kullum, akwai kuma littafin da ya rubuta awon mutane da bashin da yake bi. Clear cache share ƙyallayen ne. Manhaja tana ajiye ƙananan hotuna da guntayen bidiyon da ka riga ka kalla, don kada ta sake sauko da su. In sun taru sukan cinye wuri, in ɗaya ya lalace sai manhajar ta riƙa maƙalewa. Sharewa ba ta fitar da kai daga asusunka, ba ta taɓa saƙonninka. Za su sake taruwa bayan kwanaki, wannan ba matsala ba ce.

Clear data kuwa yaga littafin ne gaba ɗaya. Manhajar za ta koma kamar yau aka saka ta, ta manta sunanka da lambar sirrinka da duk saitin da ka yi. A kula, ba ruwansa da datar da ka saya ta shiga intanet. Mutane da yawa suna rikicewa a nan.

A ce WhatsApp ɗinka yana rufe kansa da zarar ka buɗe. Fara da Clear cache, ka kashe wayar ka kunna. In bai gyaru ba, duba Play Store ko akwai sabuntawa. Sai duk wannan ya gaza sannan a yi maganar Clear data, kuma don Allah kada ka taɓa shi kafin ka tabbatar da abu biyu. Na farko, hirarrakinka suna ajiye a Google Drive, wato an yi Chat backup kwanan nan. Na biyu, layin da ka buɗe WhatsApp da shi yana hannunka kuma yana aiki, domin za a turo lamba mai alƙaluma 6 zuwa gare shi. Wanda layinsa ya ɓace ko aka rufe, ya taɓa Clear data, ya kulle kansa a waje. Wannan ne ya fi ba ni tausayi, musamman ga mai sana'ar da cinikinsa duk yana cikin hirarrakin nan.

Aikin gwaji: buɗe Storage na manhaja ɗaya a wayarka, ka rubuta adadin da ke gaban Cache a littafinka, ka taɓa Clear cache kaɗai, sannan ka rubuta abin da ya rage.