Kurakuran da aka fi yi wajen shirya silaid idan intanet ba ƙarfi, da yadda ake gyara su

Mafi yawan masu gabatar da jawabi ta Zoom ko Google Meet suna shirya silaid ɗinsu ne da tunanin cewa mutane za su gani a allon da aka nuna musu kai tsaye. A wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan tunanin shi ne tushen matsala. Abin da ya fi tsira a layi mai rauni shi ne murya, don haka sauran kayan jawabin, wato silaid da rubutaccen bayaninsa, ya kamata su riga su isa wayar kowane mai sauraro tun kafin a fara. Duk gyare-gyaren da ke ƙasa wannan manufa suke yi wa aiki.

Barin hotuna da nauyinsu na asali

A ɗauki misalin ɗalibar digiri na biyu da za ta gabatar wa malamanta uku rahoton aikin gona da ta bibiya. Silaid 14 ne, a ciki akwai hotuna 10 da ta ɗauka da waya, fayil ɗin kuma ya kai MB 38. Gmail ba ya karɓar abin da ya wuce MB 25 a matsayin abin liƙawa, sai dai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive. Ko da ta tura ta WhatsApp, a duba lissafin: layin da ke ba da kilobit 256 a daƙiƙa yana sauke KB 32 ne kawai a kowace daƙiƙa, domin bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Ke nan MB 38 zai ci kusan minti 20, in har layin bai katse ba. Fayil mai MB 2 kuwa minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ya ishe shi.

Nauyin nan kusan duk a hotuna yake. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000 da tsayin 3000, wanda yakan kai MB 3 zuwa 5. Jan kusurwar hoto a cikin silaid don ya ƙanƙance ba ya rage masa komai, haka ma yanke gefensa: PowerPoint yana ɓoye ɓangaren da aka yanke ne kawai, yana nan a cikin fayil. Silaid na zamani faɗinsa inci 13.33 ne, tsayinsa 7.5, saboda haka hoton da ya cika shi baki ɗaya fiksel 1280 da 720 kawai yake buƙata a ma'aunin 96 ppi, wato fiksel 96 a kowane inci.

Gyaran: danna kowane hoto ɗaya, ka shiga Picture Format, ka zaɓi Compress Pictures. Cire alamar da ke kan Apply only to this picture domin aikin ya shafi dukkan hotunan, ka bar alama a kan Delete cropped areas of pictures, sannan ka zaɓi E-mail (96 ppi). Idan a cikin hotunan akwai taswira ko takarda mai ƙananan rubutu, Web (150 ppi) ya fi dacewa da su, don 96 yakan dushe haruffa. Ka adana da sabon suna, saboda abin da aka matse ba ya dawowa da zarar an rufe fayil. A misalin ɗalibar nan, hotuna goma a wannan girman sukan koma kamar KB 150 zuwa 250 kowanne, fayil ɗin duka ya tsaya a wajajen MB 2.

Wani lokaci a matse hotuna amma fayil ya ƙi raguwa. Kada a yi ta lalube. Fayil ɗin `.pptx` a haƙiƙa kundin zif ne: yi kwafinsa, canza ƙarshen sunan zuwa `.zip`, buɗe shi, ka shiga `ppt/media`, ka jera abubuwan ciki bisa girma. A nan ake kama ɓarawon: bidiyon da aka manta da shi a silaid na ƙarshe, ko wani ƙaton hoton bango da ya zo tare da samfurin makaranta ko ofis. Idan `ppt/media` ba nauyi, duba File, Options, Save, ka ga ko an kunna Embed fonts in the file, don shi ma yana iya ƙara megabait da dama.

Tura PowerPoint ɗin kansa ga masu sauraro

Masu sauraro da yawa da waya za su buɗe, kuma ba kowace waya ce ke nuna `.pptx` yadda aka tsara shi ba. Rubutu ya zame, tebur ya karkace, haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ, ɗ da ɓ su fito da wani salo daban ko su koma akwatuna idan salon rubutun da aka zaɓa babu su. PDF ake turawa. A PowerPoint na Windows, wajen adanawa a matsayin PDF akwai zaɓin Minimum size (publishing online). Wanda ke da Ghostscript, wata manhajar sarrafa PDF, a kwamfutarsa zai iya ƙara matsewa da wannan umarnin, sai dai a Windows `gswin64c` ake rubutawa a maimakon `gs`:

```
gs -sDEVICE=pdfwrite -dPDFSETTINGS=/ebook -dNOPAUSE -dBATCH -sOutputFile=karami.pdf asali.pdf
```

`/ebook` yana mayar da hotuna 150 dpi, `/screen` kuma 72, wanda sau da yawa ya yi muni ga jadawali.

Akwai tarko ɗaya a nan. PDF bai san motsi ba. Idan a silaid na 6 an ɗora hotuna uku a kan juna don su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, a PDF na saman kaɗai za a gani. Sai a raba su zuwa silaid uku tun kafin a juya. Kuma a daina ɗaukar hoton kowane silaid ana turawa a WhatsApp a matsayin hoto: manhajar tana matse su har ƙananan lambobi su daina karantuwa, sannan suna gauraya da sauran hotunan waya. Ta Document ake tura fayil, guda ɗaya, kwana ɗaya kafin taron, lokacin da kowa ke da damar jiran sabis.

Cika silaid da motsi da ƙananan rubutu

Nuna allo kai tsaye ba shi da tsada idan hoton a tsaye yake. Alƙaluman da Zoom ke bayarwa sun nuna murya tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, nuna allo zalla kuma 50 zuwa 75, alhali bidiyon fuska yana farawa ne daga wajen 600. Dalili shi ne manhajar tana aika abin da ya canza a allo ne. Silaid da ke juyawa ko narkewa cikin na gaba yana canza kowane fiksel sau da yawa a jere, sai layin ya cushe, muryar mai magana ta fara yankewa, masu kallo kuma su ga dishi-dishi na wasu daƙiƙoƙi kafin rubutu ya washe. A cire duk Transitions da Animations, a kashe kyamara bayan gaisuwa, a bar bango fari ko launi ɗaya. Girman rubutu kada ya yi ƙasa da 24, a wurinmu ma 28 ya fi kwanciyar hankali ga mai kallo da waya. Bidiyo kuwa a fitar da shi gaba ɗaya, a sa hotuna biyu ko uku daga cikinsa.

A tuna kuma cewa mai gabatarwa ƙarfin turawa yake buƙata, ba na saukewa ba, kuma a layin waya turawa ta fi rauni yawanci. Ganin bidiyo yana tafiya sumul a wayarka ba hujja ba ce cewa allonka zai isa wurin mutane. Idan akwai abokin aiki mai layi mai kyau, a ba shi PDF ya nuna daga wurinsa, kai ka yi magana kawai.

Ɗaukar kanun silaid a matsayin rubutaccen madadi

A nan ne ko ƙwararru suke yin sakaci. Mutum ya adana silaid a matsayin Outline/RTF ya ce ya gama. Wannan hanyar tana kwaso take da rubutun da ke cikin manyan guraben silaid ne kawai. Ba ta ɗaukar abin da ke cikin Text Box, ko tebur, ko jadawali, ko bayanan da ke Notes. Sakamakon shi ne jerin kanu kamar "Sakamako" da "Hoto na 3", waɗanda ba sa amfanar kowa.

Rubutaccen madadi aikinsa ya tsaya a madadin idon da bai ga silaid ba, da kunnen da murya ta yanke masa. Kowane silaid ya samu lambarsa, takensa, da jimla biyu zuwa huɗu masu ɗauke da maganar kanta. Jadawali a faɗi lambobinsa da kalmomi. A maimakon "Silaid 9: kwatanta amfanin gona", ɗalibar nan za ta rubuta kamar haka, da alƙaluman aikinta: "Silaid 9. Gonar da aka sa wa takin gargajiya ta ba da buhu 11, wadda ba a sa wa komai ba buhu 7. Bambancin buhu 4 ne, kuma ya fi fitowa a ɓangaren da ke da yashi." Wanda layinsa ya ɗauke na minti biyu zai karanta wannan ya dawo cikin magana ba tare da an maimaita masa ba.

Silaid 14 a wannan tsarin ba za su wuce kalmomi 800 ba, wato ƙasa da KB 10. A adana shi `.txt`, kuma a Notepad a tabbatar Encoding yana kan UTF-8, domin ANSI yana lalata ƙ, ɗ da ɓ. Sannan a liƙa rubutun kai tsaye a saƙon WhatsApp ko cikin imel, ba a matsayin fayil kaɗai ba, don saƙon rubutu yana wucewa a layin da fayil ke maƙalewa. Kada a dogara da akwatin hira na cikin taron: a manhajoji da dama wanda ya shigo a makare, ko ya faɗi ya dawo, ba ya ganin abin da aka rubuta a bayansa, kuma irinsa ne ya fi buƙata. Idan har ta kai ga SMS, saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma harafi mai lanƙwasa ko guda ɗaya ya shiga, sai ya koma 70. A wannan yanayin kaɗai muke ba da shawarar a rubuta da k, d da b zalla.

Lambobin da ba su dace da juna ba

Duk wannan shiri yana rushewa idan mai magana ya ce "kamar yadda kuke gani a nan". A layi mai rauni hoto yakan zo a bayan murya, wasu kuma PDF suke bi ba allo ba. A sa lamba a kowane silaid ta Insert, Slide Number, a ƙara mata girma, sannan a riƙa furta ta: "Muna silaid na tara", a ɗan dakata daƙiƙa uku ko huɗu kafin a ci gaba.

Silaid da aka ɓoye da Hide Slide yana riƙe da lambarsa, amma yawanci ba ya fita a PDF, sai shafi na 8 ya zo ɗauke da lamba 9. Goge shi ake yi daga kwafin da za a tura. Haka idan an ƙara silaid da daddare bayan an riga an tura fayil, lambobin kowa sun saɓa. Ƙarin ya tafi ƙarshe a matsayin silaid na 15, ko a sake tura PDF da rubutun tare da sabon suna mai kwanan wata, a kuma ce a goge na farko. Kafin ranar, a tura fayilolin biyu zuwa wata waya daban, a kashe mata data, a buɗe su daga farko zuwa ƙarshe ana duba lamba da lamba.