Ku riƙa raba kwastomomi bisa ga watan da suka fara saye

'Yan'uwa masu kai kayan miya gida-gida daga kasuwar Mile 12 ta Legas, ku daina ƙirga kwastomomi a dunƙule. Kowane layi a teburin lissafi ya zama na waɗanda suka fara saye a wata guda, ginshiƙai kuma wata na farko, na biyu, na uku bayan sayensu na farko.

A ce mutum 40 sun shiga a Janairu, 18 sun sake saye a Fabrairu, wato kashi 45 cikin ɗari. A Maris 12 suka saya, kashi 30 ke nan. Kullum da 40 ɗin farko za ku raba, kada ku raba da 18. Ni da na fara, da adadin watan baya nake rabawa, har na ga kashi 67 ina murna, alhali mutane zarewa suke yi.

Mutum ko sau biyar ya saya a wata, ɗaya ne. Ku tantance da lambar waya. Watan da bai ƙare ba kuma ku bar gurbinsa fanko, domin sifili zai nuna kamar kowa ya gudu.