Babi na 7: Takardar da likitan zuciya ya ba ka ka kai wa likitanka

Darasi na 1: Wa ya rubuta, wa aka rubuta wa

Kowa ya fito da kwafin takardar da na raba. Ta wani ɗalibi ce da ya yi aji da mu, za mu kira shi Malam Buba, mai sayar da albasa, shekararsa 58. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, in ya kwanta numfashi ya sarƙe sai ya jera matashi uku. Likitan da ya saba gani ya tura shi wurin likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke nan Sakkwato. Da aka gama dubawa sai aka ba shi wannan takarda ya mayar wa likitansa na farko, wanda ake kira likitan iyali.

Da Turanci aka rubuta ta, likita ne ya rubuta wa likita. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Ba za mu karanta ta duka ba, layuka kaɗan muke nema, kuma yawancinsu lambobi ne, lambobi kuwa mun iya su.

Ɗora yatsa a saman takarda. Nemo sunanka. Nemo kwanan wata. In sunan ba naka ba ne, tsaya nan, mayar da ita. In kana da takardu biyu, wadda kwanan watanta ya fi kusa ita ce mai aiki. Kafin ka miƙa wa likita, je ka sa a yi maka hotonta a shagon buga takardu, ka riƙe ɗaya a gida.

Darasi na 2: Layin da ya faɗi ciwon

A ƙarƙashin suna akwai layin da ya faɗi abin da aka gano. Na Malam Buba ya ce gazawar zuciya, sanadiyyar hawan jini da ya daɗe ba a kula da shi ba. Ranar da aka fassara masa sai ya ce, "Malam, ke nan zuciyar tawa ta tsaya?" Ba ta tsaya ba. Tana aiki, ƙarfin turo jini ne ya ragu, kamar injin ban ruwa a fadama da ke ta ƙara amma ruwan da yake turowa kaɗan ne. Idan jini bai tafi yadda ya kamata ba, ruwa yana taruwa a ƙafafu da ciki da huhu. Kumburin ke nan, sarƙewar numfashin ke nan.

Kusa da wurin za ka ga haruffa biyu, EF, da lamba a gabansu. A tamu an rubuta EF 30%. Daga hoton zuciya aka samo ta, wanda ake shafa mai sanyi a ƙirji a goga na'ura. Ma'anarta: duk bugu ɗaya, kashi nawa cikin ɗari na jinin da ke babban ɗakin zuciya na hagu ake turowa waje. Mai lafiya ma ba ya turo ɗari, yakan turo kashi 50 zuwa 70. Idan lambar 40 ce ko ƙasa da haka, likitoci na cewa ƙarfin turawa ya ragu, kuma ita ke nuna musu irin magungunan da za su zaɓa. Kada ka ce saura kashi 30 na ranka. Na ji ɗalibai suna faɗin haka, kuskure ne. Lambar tana iya hauwa idan aka riƙe magani watanni.

Darasi na 3: Layukan magani

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe.

Kowane layin magani abu uku yake ɗauke da shi: sunan magani, ƙarfinsa, da sau nawa ake sha. Ƙarfin shi ne lambar da haruffan mg ke bi, wato miligiram. Lambar nan nauyin maganin ce. Ba yawan ƙwayoyi ba ce. In ka ga 40 mg, ba a ce ka sha ƙwaya arba'in ba. Kada ku yi dariya, an taɓa tambayata.

Takardar Malam Buba tana da layi uku na maganin da zai sha yanzu. Na farko furusamaid, 40 mg, sau ɗaya da safe. Shi ne maganin fitsari, yana fitar da ruwan da ya taru. Da safe ake sha don kada ka kwana kana zarya zuwa bayi. Na biyu lisinofiril, 2.5 mg, sau ɗaya a rana. Yana sassauta jijiyoyin jini, zuciya ta samu sauƙin turawa. Na uku sifironolakton, 25 mg, sau ɗaya a rana, yana kare zuciya kuma yana taimakawa wajen rage ruwa. Na rubuta sunayen yadda muke furta su. A takarda da kwali rubutun Turanci ne, to ka ajiye kwali kusa da takarda ka bi harafi bayan harafi, kamar yadda muke gwada lambar waya. Idan ka ga od bayan lamba, sau ɗaya ke nan a rana. Idan bd ne, sau biyu.

Yanzu dubi layi na biyu da na uku. Ɗaya 2.5, ɗaya 25. Me ya raba su? Ɗigo. Ɗan ɗigon nan da ke tsakanin 2 da 5. Mai ɗigo ana karanta shi biyu da rabi. Marar ɗigo ashirin da biyar. Ashirin da biyar ya ninka biyu da rabi sau goma.

Ɗora yatsa a kan 2.5. Faɗa da ƙarfi: biyu da rabi. Ɗora a kan 25. Faɗa: ashirin da biyar. Koma kan na farko. Akwai ɗigo? Akwai. Biyu da rabi. Madalla. Wanda ya rikice kada ya ji kunya, Malam Buba kansa cewa ya yi, "Ai ni wanga ɗigo na ɗauka ƙuda ne ya ɓata takarda."

Ga abin da ya faru da shi. Ya je kantin magani, aka ba shi lisinofiril, kwalin an rubuta 5 mg. Takarda ta ce 2.5. Biyu da rabi rabin biyar ne, to rabin ƙwaya zai sha, kuma mai kantin ya nuna masa tsagar da ke tsakiyar ƙwayar inda ake karyawa. Da ya karanta 25, sai ya lissafa ƙwaya biyar, domin biyar sau biyar ashirin da biyar ne. Ƙwaya biyar a maimakon rabi! Jini zai iya sauka ƙasa sosai, jiri ya kwashe shi in ya miƙe, ƙoda ma ta taɓu.

To a sake. Kafin ka karanta kowace lamba a layin magani, nemi ɗigo tukuna. Ɗauki biro ka zagaye shi a kwafinka. Sannan dubi lambar kwali, nemi ɗigo a can ma. In lambobin biyu ɗaya ne, ƙwaya ɗaya ce. In sun bambanta, kada ka yanke da kanka, nuna wa mai harhaɗa magani ko likita takardar da kwalin tare, ya rubuta maka a jikin kwali: rabi, ko ɗaya, ko biyu.

Gwaji. Karanta waɗannan: 2.5, 25, 12.5, 5, 1.25. Na uku goma sha biyu da rabi ne. Na ƙarshe ɗaya da kwata. Waɗanne ne ba su da ɗigo? 25 da 5.

Mako uku ina maimaita wannan, jiya kuma mutum huɗu suka karanta mini 2.5 a matsayin ashirin da biyar. Kuna ƙirga canjin naira dubu a Babbar Kasuwa ba ku kuskure ko sisi, ɗigo ɗaya ya gagare ku? Gaggawa ce ke sa ku. Koma kan layi na biyu, nemi ɗigo, zagaye shi.

Akwai layi na huɗu da ya ce za a fara bisofurolol a zuwa na gaba. Ba a ce ka saya yau ba. Shi wannan yana rage saurin bugun zuciya, kuma sai ruwa ya sauka ake fara shi, da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali. Saboda haka lambobin takarda za su canja, duk sabuwar takarda sai an sake neman ɗigo. In an fara shi, ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi.

Darasi na 4: Abin da aka roƙi likitan iyali ya yi

Ƙasan takarda saƙo ne zuwa ga likitanka, amma kai ne mai kai kanka. An ce a ɗebi jini bayan mako ɗaya zuwa biyu a duba ƙoda da sinadarin fotasiyam. Lisinofiril da sifironolakton duka suna iya ɗaga shi, in ya yi yawa yana rikita bugun zuciya, kuma sau da yawa mutum ba ya jin komai sai gwaji ya nuna. Rubuta ranar a bangon littafinka.

An kuma ce a daina dikulofenak, wanda Malam Buba ke sha don ciwon gwiwa. Shi da ibufurofen suna riƙe ruwa a jiki, suna wahalar da ƙoda. A rage gishiri da dunƙulen miya. Kanwa ma gishiri ce a wurin zuciya, kunun kanwa a bar shi.

Hau ma'auni kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, ka rubuta. In nauyi ya ƙaru fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ya dawo, je wurin likita. Misali Litinin 70, Alhamis 72.5. Ga ɗigo nan kuma, saba'in da biyu da rabi.

Darasi na 5: Lokacin da ba a jira ranar asibiti

Numfashi ya sarƙe kana zaune, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko leɓe da harshe sun kumbura bayan shan lisinofiril: asibiti nan take. Zawo ko amai, musamman a zafin bazara, ga maganin fitsari a jiki: a sanar da likita a ranar. Busasshen tari da ya ƙi tafiya bayan fara lisinofiril, a faɗa wa likita, akwai wani maganin da zai canja maka. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa kafin ta sha lisinofiril, yana cutar da jariri. Mai son yin azumi ya tambaya tun watan Sha'aban.

Darasi na 6: Aikin gida

Kwafi layukan magani uku a littafinka. Zagaye ɗigo. Kawo kwalin kowane magani da ke gidanku ranar Asabar.