Ga 'yan'uwa sababbin zuwa Abuja: ku tambayi ladan masu juya muku kuɗi

'Yan'uwanmu da suka iso Abuja daga Maraɗi, Damagaram, Kumasi ko Garwa, sannunku da zuwa. Da zarar mutum ya samu wurin zama, ya buɗe asusun banki, albashi ko kuɗin kasuwa ya fara shigowa, zai ji ana ce masa kada ya bar naira a kwance. Gaskiya aka faɗa masa. Wanda ya saba da sefa zai sha mamakin yadda naira ke zubewa a hannu, domin a shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Shi ya sa mutane da yawa ke sa kuɗinsu a asusun zuba jari na haɗaka, inda kamfani ke tara kuɗin jama'a ya juya musu. Akwai irin na kowa da kowa, akwai kuma waɗanda ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Dukkansu suna karɓar lada, kuma a kan wannan lada nake son mu tsaya.

Ba za a taɓa turo muku saƙo a waya cewa an cire ladan ba. Daga cikin tulin kuɗin asusun ake cirewa kaɗan-kaɗan, kafin a fitar da farashin da kuke gani. A ciki akwai rabon manajan asusun, da na bankin da ke ajiye kadarorin, da na amintattun da ke sa ido, da na masu binciken lissafi. In aka haɗa su duka aka auna da girman asusun, sai a samu kaso guda na shekara. A takardar bayanin asusun ko a manhajar waya za ku ga an rubuta Management Fee, wato rabon manaja shi kaɗai, wani lokaci kuma Total Expense Ratio, wanda shi ne jimillar. Na biyun za ku nema. Mai tallar asusu ya fi saurin faɗin na farko saboda shi ne ƙarami.

Abin da ya kamata ya zauna a zuciya shi ne, ba daga riba ake lissafa wannan kaso ba. Daga dukan kuɗinku ne, uwa da riba, kowace shekara, ko an ci ko an faɗi.

Mu ɗauki misali. Mutum biyu kowa ya sa naira miliyan 1, ya bar ta shekara 20 bai taɓa ba. Mu ƙaddara asusun biyu suna samun riba iri ɗaya, kashi 15 cikin ɗari a shekara kafin a cire lada. Wannan adadi na lissafi ne kawai, kasuwa ba ta tafiya a miƙe haka. Asusun na farko yana cire kashi 1, na biyu yana cire kashi 2.5. Don sauƙi, na farko yana ƙaruwa da kashi 14, na biyu da kashi 12.5.

A ƙarshen shekarar farko, na farko yana da naira 1,140,000, na biyu yana da 1,125,000. Tazarar naira 15,000 ce, kuma babu wanda zai tada hankalinsa a kanta. Bayan shekara 5 ta kai wajen 123,000. Bayan shekara 10, na farko yana da kusan miliyan 3.71, na biyu miliyan 3.25, tazara wajen 460,000. A shekara ta 20 kuwa, na farko ya tashi da kusan miliyan 13.74, na biyu da miliyan 10.55. Naira miliyan 3.2 ke nan a tsakaninsu, fiye da ninki uku na abin da kowannensu ya fara sawa. Na biyu ya rasa kusan rubu'in abin da ɗan'uwansa ya samu, alhali kasuwa ɗaya suka ci, haɗari ɗaya suka ɗauka.

Me ya sa tazarar ta yi tsalle haka a shekarun ƙarshe? Abu biyu ne suka haɗu. Ladan yana girma tare da kuɗin: a shekarar farko na biyu ya biya naira 25,000, a shekara ta 20 ya biya wajen 234,000. Sannan duk nairar da aka cire bana ba za ta haifi riba baɗi ba, ribar da za ta haifa ita ma ba za ta haifi tata ba. Kamar gara ce a rumbu, har irin da za a shuka take ci.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda kalmar "kashi 2.5" ke sa mutum ya saki jiki. Ku auna shi da ribar, za ku ga girmansa. In asusu ya samu kashi 15, kashi 2.5 sudusin ribar ne. In shekara ta yi tsanani aka samu kashi 5 kawai, rabin ribar ya tafi. In kuma farashin kaya ya hau da kashi 12 a shekarar da aka samu 15, ainihin ƙaruwarku kamar kashi 3 ce, lada ya kwashe 2.5 daga ciki.

Kuɗin shiga da ake biya sau ɗaya bai kai wannan ciwo ba, ko da yake shi ake gani da ido. Da na farko ya biya kashi 2 a ranar shiga, da naira 980,000 zai fara, ya ƙare da kusan miliyan 13.47. Asararsa wajen 275,000 ce, nesa ƙwarai da miliyan 3.2. Amma ku da ba ku san ko za ku daɗe a ƙasar ba, ku tambayi tarar fita da wuri, domin asusu da yawa suna da wa'adin da in aka janye kafinsa za a yanke wani abu daga ribar. Ku kuma tambaya ko manaja yana da ƙarin lada idan riba ta wuce wani mizani.

Wanda yake son ya gwada da nasa adadin, ya rubuta wannan a Excel ko Google Sheets, ya sauya lambobin:

```
=1000000*(1+0.15-0.025)^20
```

Akwai inda wannan lissafi yake da iyaka. Ribar da asusu ke wallafawa galibi an riga an cire lada daga cikinta, don haka ku tabbatar kafin ku sake cirewa. Kada kuma a gwada asusun hannun jarin kamfanoni da asusun da ke sayen takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci, aikinsu da haɗarinsu daban ne. Iri ɗaya ake jerawa. Mai tsada yana iya fin mai araha riba, amma a misalinmu sai ya fi shi da kashi 1.5 kowace shekara har shekara 20 kafin ma su yi kunnen doki, kuma ribar bara ba ta lamunce ta baɗi.

Masu aikin albashi da aka sa a tsarin fansho, dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. A nan hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ce ke ƙayyade iyakar ladan, kuma tun Nuwamba 2020 ana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara. Asusun haɗaka kuwa hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ce ke yi musu rajista, hedikwatarta tana nan Abuja. Kafin ku miƙa ko sisi, ku duba sunan asusun a jerin waɗanda ta yi wa rajista, ku karɓi takardar bayaninsa, ku sa a nuna muku jimillar ladan shekara a rubuce. In wakilin ya ce kada ku damu ɗan kaɗan ne, ku ce ya faɗa muku nawa ne a naira a kan kuɗin da kuka zo da shi.