Idan ka manta da taro: saƙon da za ka tura wa babba a wurin aiki a Yamai

Wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato ya kama aiki a Yamai zai tarar hujja ba ta tsada: cunkoso a gadar Kennedy in kana kwana a Harobanda, unguwar tsallaken kogi, ɗaukewar wuta, rashin rezon waya. Amma shugabanka ma garin nan ya kwana, hanyar nan ya biyo, kuma ya iso. In mantuwa ka yi, mantuwa za ka faɗa.

A ce taron ƙarfe 9 ne na safiyar Juma'a, kai aka ɗora wa kawo lissafin kuɗin aiki, sai ƙarfe 11 ka tuna. Kada ka jira Litinin. Ma'aikatu da yawa a nan rabin wuni ake yi ranar Juma'a, in ka yi jinkiri shugabar sashenku za ta wuce gida da zaton raini ne. Tura mata ita kaɗai, ba a gurup ɗin ma'aikata ba, kuma a rubuce, domin saƙon murya yakan ja mutum ga dogon bayani:

"Hajiya, barkanku da Juma'a. Na manta da taron ƙarfe 9 na yau, laifina ne, ku gafarce ni. Na san an zauna babu lissafin da aka ɗora mini. Ga shi na haɗo da wannan saƙo. Zan karɓi rahoton taron wurin sakatare, in akwai abin da ya rataya a kaina in gama shi kafin Litinin."

Lura da "na manta". Mu Hausawa mun iya fakewa da "an samu mantuwa" ko "abin ya shige", kamar wani ne ya yi. Babba yana jin bambancin nan take. Haka kuma da zarar ka ga "amma" ko "saboda" ta biyo bayan neman gafara, goge abin da ke bayanta, hujja ce ta saɗaɗo. Jimlar da ta fi aiki a ganina ita ce wadda ta ambaci ɓarnar da aka yi, don ita ke nuna ka san lokacin mutane ka ci. Ban da "wallahi" da rantse-rantse.

Yi amfani da "ku", ba "ke" ko "kai" ba. In da Faransanci kuke rubutu, wanda shi ne aka fi yin takardun biro, wato ofis, da shi, "vous" za ka sa ko da kuna raha a baki.

Kada ka haɗo lissafin in ba ka gama shi ba. Faɗi ranar da sa'ar da zai iso, ka cika. Idan ta karanta ba ta amsa ba, kada ka sake turawa. Litinin da safe ka leƙa bironta, ku gaisa, ka maimaita neman gafarar a jimla ɗaya, ka miƙa aikin.