Yadda ake duba takardar da aka rufe sunaye a cikinta kafin ta fita

Wanda aka ba aikin rufe sunaye a rahoto yakan ɗauka aikinsa ya ƙare da zarar ya ja baƙin layi a kan kowane suna. A wajen masu koyo da na gani a Marwa da Garwa, a arewacin Kamaru, ba wurin jan layin ake faɗuwa ba, wurin karatun da ya kamata ya biyo baya ne. Takardar ta fita da baƙaƙen layuka birjik, amma duk ɗan garin da ya karanta sakin layi biyu ya san wa ake nufi. Zan ɗauki misalin aikin da ya fi yawa a nan: bayanin wata mata da rikici ya raba da garinsu, an ɗauka da baki, an rubuta da Faransanci ko da Hausa, za a miƙa wa masu ba da tallafi ko ɗan jarida. Na ɗauka ka riga ka rufe abin da za ka rufe, kuma ka ajiye asalin takardar a wuri dabam.

Mataki na farko: tabbatar rubutun ya fita da gaske

Baƙin akwatin da aka zana a kan rubutu a Word ko a PDF ba ya goge komai, rubutun yana nan a ƙarƙashinsa. Buɗe fayil ɗin da za ka aika, danna Ctrl+A, sannan Ctrl+C, ka liƙa a Notepad. Idan sunan da ka rufe ya bayyana a can, koma baya, duk sauran dubawa ɓata lokaci ne. Manya ma sun faɗa wannan ramin. A watan Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump a Amurka, sun shigar da takarda kotu da baƙaƙen layuka, 'yan jarida suka kwafe abin da ke ƙasa suka buga. Acrobat Pro yana da abin gogewa na gaske, amma na kuɗi ne, kuma ƙananan ƙungiyoyinmu ba kasafai suke da shi ba. Hanya mai arha ita ce ka goge sunan a Word ɗin kansa, ka sa alama a gurbinsa, sannan ka fitar da sabon PDF.

Mataki na biyu: jera sunayen da duk yadda ake rubuta su

Kafin ka nemi suna, ɗauki takarda da biro ka rubuta kowane mutum da ke cikin bayanin, da kowace siga da sunansa zai iya zuwa da ita. A yankinmu suna ɗaya yana da rubutu uku ko huɗu, ya danganta da wanda ya riƙe alƙalami. Usman zai zo a matsayin Ousmane a shafi na 2, Ousman a shafi na 5, Oussoumanou a jerin waɗanda suka sa hannu. A'isha za ta zama Aïssatou, Aissatou, Aïcha ko Aïssa. Idan ka nemi Aissatou da Ctrl+F, wata manhajar za ta tsallake Aïssatou saboda ɗigo biyun da ke kan harafin. Saboda haka kada ka nemi cikakken suna, nemi gutsuren tsakiyarsa, kamar ssatou ko sman. Wannan yana kuma taimakawa wajen kama sunan da ƙarshen layi ya raba biyu.

Mai amfani da layin umarni zai iya yin haka:

```
pdftotext -layout rahoto.pdf rahoto.txt
grep -n -i -E "sman|souman|ssa|cha|isha" rahoto.txt
```

Zai kawo maka kalmomi da yawa da ba ruwansu, ba komai, gara ka tace da ido. Amma ka sani, idan takardar hoto ce da aka ɗauka da sikana ko da waya, binciken zai iya dawowa babu komai alhali sunan yana nan ƙuru-ƙuru a shafin. A irin wannan, ido ne kawai.

Mataki na uku: karanta abin da ya rage kamar ɗan garin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake son ka ɓata lokacinka. Ga sakin layi irin wanda mai koyo yake kawowa yana cewa ya gama:

"Ranar kasuwa da daddare suka shigo. █████ ta ɗauki 'yan biyunta ta gudu gidan ██████, lawan na unguwarmu. Mijinta, wanda shi kaɗai ne mai ɗinki a bakin tasha, bai dawo ba. Washegari Maman Biyu ta ce mana mu bi hanyar Mora."

Babu sunan yanka ko ɗaya a fili, amma matar a tsaye take a gaban mai karatu. Lawan ɗaya ne a unguwa, don haka rufe sunansa bai ɓoye shi ba, muƙamin ya faɗe shi. Haka abin yake da jauro, da bulama, da limamin masallacin Juma'a, da shugaban makarantar gari. Mijin kuma sana'arsa da wurin zamansa sun isa. 'Yan biyu ba a kowane gida suke ba. Sai babbar ɓarakar, wato Maman Biyu a jimla ta ƙarshe. Wannan laƙabi ne, kuma a garinsu ya fi sunan da ke katinta ƙarfi. Mutanenmu ba sa kiran miji, ko ɗan fari, ko suruki da sunansa, alkunya ake yi, saboda haka bayanin da aka ɗauka da baki cike yake da irin su Baban wane, Iya, Goggo, Mai Shayi, Alhaji ƙarami. Ba binciken kwamfuta da zai kamo su, tunda ba sa cikin jerin da ka rubuta. Duk wanda ka tsinta, koma ka ƙara shi a jerin, ka sake bincike daga farko.

Tambayar da za ka riƙa yi wa kowace jimla ita ce: mutum nawa ne a garin wannan bayanin ya dace da su? Idan amsar ɗaya ce ko biyu, rufe. Kuma ka haɗa jimlolin, kada ka auna su ɗai-ɗai. Mace, ba ta tona kowa. Mai 'yan biyu, da sauƙi. Amma mace mai 'yan biyu, matar tela, wadda ta bi hanyar Mora washegarin ranar kasuwa, mutum ɗaya ce.

Nahawu ma yana tona asiri. A Hausa, ya da ta suna faɗin jinsin wanda aka rufe, haka mijinta da matarsa. Idan jinsi na cikin abin da ake ɓoyewa, misali mace ɗaya ce tal a cikin shaidu shida, to waɗannan ƙananan kalmomi ma sai an duba su. Faransanci ya fi muni, dubi wannan:

```
Elle est arrivée à la maison d'██████
```

Kalmar farko da ƙarin e a ƙarshen arrivée sun ce mace ce. Sannan d' ɗin nan, maimakon de, ya nuna sunan mai gidan da wasali ya fara, ko da h wadda ba a furtawa. A ƙauyen da magidanta ba su da yawa, wannan ya rage zaɓi sosai. Ni dokata ita ce d' da l' da qu' da ke manne da suna su tafi tare da sunan, ba na tattaunawa a kai. Tsawon baƙin layin shi ma magana ne, domin suna mai haruffa uku da mai goma sha ɗaya ba faɗinsu ɗaya ba. Shi ya sa na fi son alama a kan baƙin layi.

Mataki na huɗu: gyara jimlolin da suka karye

Wannan karatu ne dabam, kada ka haɗa shi da na sama. Karanta da ƙarfi, a bakinka, kana kiran kowane gurbi "wane" ko "wance". Inda harshenka ya yi tuntuɓe, akwai gyara. Abin da aka fi samu shi ne an rufe mai aiki da wanda aka yi wa aikin da baƙi iri ɗaya, har ba a san wa ya bugi wa ba, ko an cinye "ba" ta ƙarshen korewa tare da sunan da ke gabanta, jimlar ta rataye, wani lokaci ma'anar ta juye. Akwai kuma "da" ko waƙafi da aka bari shi kaɗai bayan an rufe jerin sunaye.

Maganin shi ne alama mai faɗin irin abin da aka cire, kuma mutum ɗaya alama ɗaya tun daga shafin farko har na ƙarshe. Sakin layin can zai koma haka:

"[Wata rana] da daddare suka shigo. [Mutum 2] ta ɗauki [yaranta] ta gudu gidan [wani maƙwabci]. Mijinta [an cire bayani] bai dawo ba. Washegari [Mutum 2] ta ce mana mu bi hanyar [wani gari]."

Lura cewa ban sake wa mai bayanin magana ba. Duk abin da ba daga bakinta ya fito ba yana cikin baka mai kusurwa, kowa ya gani ya san hannun mai gyara ne. Masu koyo suna son su goge jimla ta yi santsi, su haɗe biyu su zama ɗaya, to daga nan ba bayaninta ba ne kuma. Idan takardar ta kotu ce ko wadda aka sa wa hannu, ko wannan musanyar ba taka ba ce, rufewa kawai za ka yi. In jimla ta lalace har ba ta karantuwa, rufe ta gaba ɗaya ka rubuta [an cire jimla ɗaya]. Jadawalin da ke nuna wane ne Mutum 2 kuma ba ya zama a fayil ɗaya da rahoton, ba ya bin sa a saƙo ɗaya.

Mataki na biyar: gefe-gefen takarda

Sauran na sauri ne. Duba saman shafi da ƙasansa, jerin abubuwan da ke ciki, bayanin ƙarƙashin hoto, hatimi, sa hannu, lambar waya, lambar katin shaida, da rubutun hannu a gefe. Duba sunan fayil ɗin kansa, don sau da yawa sunan mai bayanin ne aka sa masa. A Word na Faransanci, karɓi ko ka ƙi duk gyaran da ke cikin Suivi des modifications, sannan ka bi ta Inspecter le document ya cire sharhi da sunan marubuci. Ga PDF, wannan zai nuna maka abin da ke wurin Title da Author:

```
pdfinfo rahoto.pdf
```

Idan a kan takarda ka rufe da baƙar tawada, ɗaga ta a hasken rana, yawanci rubutun firinta yana ƙyalli ta ƙarƙashi. Yi fotokofi, ka duba kofin, in ya nuna ka sake shafawa ka sake kofi, kuma kofin ne zai fita. Kuɗin shafi bai taka kara ya karya ba, sai dai kada ka kai irin wannan takarda shagon bakin titi ka bar ta a hannun yaron shago.

Daga ƙarshe miƙa wa abokin aiki wanda ya san yankin, yana da izinin ganin bayanin, amma bai ga asalin ba, ka ce ya gaya maka su wa yake zargi. In ya canki ko mutum ɗaya, tambaye shi wace jimla ce ta kai shi, ka rufe ta, ka koma mataki na uku.