Darasi: Yi wa yaro turaren magani da na'ura a gida

Idan hunturu ya shigo Kaduna da ƙurarsa, yara masu ciwon fuka kan sha wahala: ƙirji ya toshe, numfashi ya riƙa fito kamar usur. Wani lokaci likita kan ce a yi amfani da nebulaiza, na'urar da ke mai da maganin ruwa ya zama tururi. Tana da inji, da tiyo, da kofin magani, da takunkumin da ke rufe hanci da baki.

A ce ɗanki shekararsa 3, likita ya rubuta masa salbutamol miligiram 2.5. Ki wanke hannu da sabulu, ki matse maganin duka cikin kofin. Kada ki ƙara ruwan famfo ko man zafi. Abin da likita ya rubuta kaɗai ake zubawa. Ki zaunar da yaron a cinyarki, bayansa a miƙe, kofin ma a tsaye, sannan ki kunna.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen takunkumin. Dole ya manne da fuska. Uwa kan ji tausayi ta riƙe shi nesa kaɗan da hancin yaro, amma maganin iska yake bi. Kuka ma haka: yaron da ke tsala ihu, kaɗan ne ke isa huhunsa. Gara ki kashe injin, ki rarrashe shi, ki bar shi ya taɓa takunkumin, sannan ku ci gaba. Bayan kamar minti 10 kofin zai fara tartsatsi, tururin ya ragu. An gama ke nan. Ki goge masa fuska. Hannunsa na iya rawa, zuciya ta ɗan yi sauri. Aikin maganin ne, yana wucewa.

Duk lokacin da aka gama, ki cire tiyon ki ajiye, ba a wanke shi. Kofin da takunkumin ki wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, ki ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce. Ki kife su a kan tsumma mai tsabta su bushe da kansu. Kada ki ajiye su da danshi, domin ƙwayoyin cuta na yaɗuwa a ciki, kuma kai tsaye huhun yaro za su. Ki riƙa duba matacin iska na jikin injin. Idan ya yi toka-toka, a canza shi.

Idan an ɗauke wuta, janareta a waje za a kunna, nesa da taga, saboda hayaƙinsa.

Idan kuwa bayan turaren kin ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko ya kasa shan nono ko magana, ko yana buƙatar wani turaren kafin awa 4 ta cika, ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.